Rage nauyin hotuna da yawa a lokaci ɗaya kafin a ɗora su: tambayoyi da amsoshi

Ina gyaran waya a Aboabo, nan Kumasi, kuma goggona tana sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kejetia. Duk sanda sabbin kaya suka sauka, ni take kira in ɗauki hotunansu in ɗora wa masu saro a wurinta daga Tamale da Bawku. A kan hotunanta na koyi rage nauyin hotuna da ɗan sikirif, kuma tun da 'yan layinsu suka ji labari tambayoyi ba su ƙare ba. Ga waɗanda aka fi yi mini, na amsa su yadda nake amsawa a shago.

Malam, me ya sa hoto ɗaya ke cin minti guda kafin ya hau, alhali bidiyo yana buɗe mini lafiya?

Saukewa daban, ɗorawa daban. A layin waya hanyar da ke kawo maka kaya ta fi wadda ke ɗauka daga wurinka faɗi, don haka kana iya kallon bidiyo ba tsinkewa, amma hoto ɗaya ya tsaya yana jan ƙafa. A cikin kasuwa da rana tsaka abin ya fi muni, domin dubban mutane ne ke rabon turken sabis ɗaya, ga rufin kwano da siminti a tsakani.

Akwai kuma wani lissafi da ke ruɗa mutane. Saurin layi da megabit ake auna shi, nauyin hoto kuwa da megabait, kuma megabit 8 ne ke yin megabait 1. Ranar da na gwada a rumfar Goggo, ɗorawa tana tafiya a kan rabin megabit a daƙiƙa. Kowane hoto daga wayarta ya kai kamar megabait 4, wato megabit 32, wanda ke nufin daƙiƙa 64 kafin ya hau. Hotuna 60 muke da su. In ka lissafa, minti 64 ke nan, in layin bai yanke ba, ya kuwa yanke har sau biyu.

Da na rage su, kowanne ya dawo kusan kilobait 300. Sittin ɗin gaba ɗaya suka zama megabait 18 a maimakon 240, suka hau cikin ƙasa da minti biyar a kan layin nan da muke ta zagi tun safe. Goggo ta dube ni ta ce, "Kai yaro, ashe kayan ne suka yi wa jakin yawa."

Rage girma da matsewa ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma wanda ya gane bambancin ya gane rabin aikin.

Hoto tarin ɗigo ne ƙanana da ake kira fiksel. Wayar da aka ce kyamararta megafiksel 12 ce tana fitar da hoto mai kusan ɗigo 4000 a kwance, 3000 a tsaye, jimilla miliyan 12. Rage girma shi ne a rage yawan ɗigon. In ka mayar da hoton 1600 a kwance da 1200 a tsaye, ɗigon sun koma miliyan 1.92, wato sun ragu fiye da ninki shida tun ba a taɓa komai ba. Ka lura da yadda abin ke tafiya: in ka raba faɗi biyu ka raba tsawo biyu, ba rabi ya rage ba, kwata ne.

Matsewa kuwa tana barin yawan ɗigon yadda yake, sai ta zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido ba ya saurin kamawa. Tsarin JPEG, wanda aka kafa tun 1992, yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a kwance 8 a tsaye, ya adana kowane gida a taƙaice. Lambar inganci, daga 1 zuwa 100, ita ke faɗa masa yawan abin da zai zubar.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya bar hoto a girmansa na asali ya yi ta danna inganci ƙasa har 30 don nauyi ya sauka. Sai hoton ya fito da tabo-tabo kamar bangon da ruwa ya jiƙa, kuma duk da haka yana da nauyi. Ni na fi son a fara da rage girma, a bar inganci a sama. Allon wayar mai saye galibi ɗigo 1080 ne a faɗi, wasu ma 720. Ɗigo 4000 da kake aika masa, wayarsa ce za ta zubar da mafi yawansu kafin ta nuna masa, bayan ku biyun kun biya kuɗin data.

To mene ne wannan sikirif ɗin? Manhaja ce?

Ɗan rubutu ne na layuka kaɗan da ke ba wata manhaja umarni ta maimaita aiki ɗaya a kan kowane hoto da ke cikin folda. Manhajar da ke yin ainihin aikin sunanta ImageMagick. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta. Ga rubutun da nake amfani da shi, na sa masa suna `rage.sh`:

```
#!/bin/bash
shopt -s nocaseglob nullglob
mkdir -p kanana
for f in *.jpg *.jpeg; do
  [ -e "kanana/$f" ] && continue
  magick "$f" -auto-orient -resize '1600x1600>' -strip -quality 80 "kanana/$f"
done
```

Layi na uku yana buɗe sabuwar folda mai suna `kanana`, inda za a zuba waɗanda aka rage. Daga `for` zuwa `done` shi ne zagayen: ɗauki hoto, yi masa aiki, ajiye, ɗauki na gaba. Layin da ke da `continue` yana duba ko an riga an rage wannan hoton, in an yi sai ya tsallake shi. Amfaninsa shi ne in ka ƙara hotuna goma gobe a cikin foldar, goman kawai zai taɓa.

Layin da ya fara da `magick` shi ne zuciyar abin, kuma ana karanta shi daga hagu zuwa dama kamar yadda ake yin aikin: buɗe hoton, miƙar da shi, rage girmansa, goge bayanan da ke maƙale a jikinsa, matse shi a kan 80, ajiye shi a `kanana` da sunansa na da. Hoton asali yana nan inda yake, ba a taɓa shi ba.

In kwamfutarka ta ce ba ta san `magick` ba, wataƙila tsohon ImageMagick na 6 ne a kanta. A can sunan umarnin `convert` ne, sauran duk ɗaya.

Ba ni da kwamfuta. Zai yi a waya?

Zai yi a wayar Android, kuma ni ma a waya nake yi, don ba na ɗaukar kwamfuta zuwa Kejetia. Ana buƙatar manhajar Termux, wadda ke ba ka baƙin allo da kake rubuta umarni a kai. Ni daga F-Droid nake sauke ta. Bayan ka buɗe ta, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

```
pkg update
pkg install imagemagick nano
termux-setup-storage
```

Na ƙarshen zai nemi izinin shiga ajiyar wayar, sai ka ba shi. Wannan saukewar tana cin data, don haka ka yi ta inda sabis ke da ƙarfi, sau ɗaya ce kawai. Sannan ka rubuta `nano ~/rage.sh`, ka kwafe rubutun nan na sama a ciki, ka adana.

Yadda nake tsara aikin shi ne in buɗe folda mai suna `Kaya` a ajiyar wayar, in kwafe hotunan da nake son ɗorawa zuwa cikinta, sannan:

```
cd ~/storage/shared/Kaya
bash ~/rage.sh
du -sh kanana .
```

Layin ƙarshe yana nuna nauyi, don ka ga abin da ka samu da idonka. Kada ka saki rubutun kai tsaye a cikin foldar kyamara. Akwai wanda ya yi haka a gabana, yana da hotuna sama da dubu biyu, wayar ta yi zafi kamar dutsen guga, batir ya ƙare, ga shi an ɗauke wuta a unguwar.

Me ya sa 1600? Me ya sa 80? Ba zan iya canzawa ba?

Kana iya canzawa, ba aya ba ce. Na tsaya a kan 1600 ne saboda mai sayen atamfa yana son ya ja hoton da yatsa biyu ya ga zane kusa. A kan 1600 yana da ɗan abin ja. Don takalma, jakunkuna, tukwane, inda siffa ake kallo, 1200 ya wadatar, nauyin kuma ya ƙara sauka.

Rubuta `1600x1600` ba ya nufin hoton zai zama murabba'i. Akwati ne ka ba shi ka ce ya shiga ciki ba tare da ya karkace ba. Hoton kwance zai zama 1600 da 1200, na tsaye 1200 da 1600.

Shi kuma 80, gwaji ne ya kai ni. Daga 100 zuwa 90 nauyi yana faɗuwa sosai, ido bai ga komai ba. Daga 90 zuwa 80 yana ci gaba da sauka, sai mai neman laifi ne zai ga bambanci. Ƙasa da 70 tabon ya fara fitowa, musamman a gefen rubutu da wurin da launi ɗaya ke shimfiɗe kamar sararin sama ko farin bango. Kuma ba kowane hoto ke sauka daidai ba. Hoton farar shadda a kan tabarma mai launi ɗaya zai iya dawowa kilobait 150, na leshi mai ramuka da duwatsu ya tsaya a 500, a kan lamba ɗaya. Yawan ƙananan zane shi ke jawo nauyi.

Wannan alamar `>` da ke bayan 1600 fa, dole ce?

Dole ce, kuma dole ta zauna a cikin alamun zance. Ma'anarta: rage wanda ya fi haka girma kawai. In ka cire ta, hoton da wani ya turo maka mai faɗin 800 za a buɗa shi ya kai 1600, ya yi dishi-dishi, ya kuma ƙara nauyi. Ka zo rage kaya ka ƙara.

In kuwa ka bar alamar amma ka manta da alamun zance, tashar umarni za ta ɗauke ta da wata ma'ana daban, wato "zuba sakamako a cikin fayil mai suna kaza". Alamar da za ka gane haka ta faru ita ce ka tarar da wani fayil wofi mai suna `-strip` a cikin foldar. A baƙin allon Windows, alamun zance masu baki biyu ake sawa: `"1600x1600>"`.

Na rage hotuna, rabinsu sun fito a kwance. Me na ɓata?

Ni ma na faɗa wannan ramin a makon farko, kuma dalilinsa abin sha'awa ne. In ka riƙe waya a tsaye ka ɗauki hoto, wayoyi da yawa ba sa juya ɗigon. Suna ajiye hoton a kwance yadda kyamarar ta gan shi, sai su liƙa masa 'yar takarda a jiki da ke cewa "a juya wannan kafin a nuna". Wannan takarda tana cikin bayanan da ake kira EXIF. Manhajar kallon hoto tana karanta ta, ta juya, kai ba ka ma san an yi ba.

Umarnin `-strip` yana yage duk takardun da ke jikin hoton, har da wannan. In ka yage ta kafin a juya hoton da gaske, shi ke nan, babu mai sanin sama daga gefe. Aikin `-auto-orient` shi ne ya karanta takardar, ya juya ɗigon da kansu. Saboda haka dole ya zo kafin `-strip`. Ni na sa su baya-gaba, na ɗora hotuna arba'in, sai ga kiran Goggo: "Ɗana, Alhajin Bawku ya ce wuyansa ya gaji, wai duk 'yan tsanar da ka ɗaura wa zane suna kwance." Ka duba layinka, in `-strip` ya riga `-auto-orient`, ko babu na biyun sam, ka sami ɓarawon.

In haka ne, me ya sa za a goge bayanan? A bar su mana.

Dalili biyu. Na farko nauyi: a cikin bayanan akwai ɗan ƙaramin kwafin hoton da wasu tarkace, waɗanda ba komai ba ne a kan megabait 4, amma a kan kilobait 200 ana jin su. Na biyu ya fi muhimmanci. In an kunna wa kyamara sanin wuri, tana rubuta daidai inda aka tsaya aka ɗauki hoton. Mata da yawa a zango a cikin gida suke ɗaukar hoton kayansu. In ka ɗora wannan hoton yadda yake a wurin da ba ya goge bayanan, duk wanda ya sauke shi zai iya ganin ƙofar gidan a taswira. Kana iya duba naka haka:

```
magick identify -verbose hoto.jpg | grep -i gps
```

In bai fito da komai ba, babu wurin a jiki. Abin da za ka rasa da gogewar shi ne ranar da aka ɗauki hoton, don haka waɗanda aka rage za su jeru a ranar da ka rage su. Tunda na asali suna nan, ni wannan bai dame ni ba.

Launin atamfa ya canza bayan ragewa. Jan ya yi sanyi, mai saye ya ce ba shi ya gani ba.

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar masu sayar da tufa, domin a wurinsu launi shi ne kuɗi. Abu biyu ke jawo haka, kuma maganinsu daban.

Na farko, in launin ne gaba ɗaya ya dushe, kamar zanen ya sha rana. Wayoyin iPhone da wasu manyan wayoyin Android suna ɗaukar hoto da ma'aunin launi mai faɗi da ake kira Display P3, suna liƙa bayanin ma'aunin a jikin hoton. `-strip` yana yage shi tare da sauran. Wayar mai saye, da ba ta ga bayanin ba, sai ta karanta launin da ma'aunin yau da kullum, ja da kore su yi sanyi. Maganin shi ne ka cire `-strip` ka sa wannan a gurbinsa, wanda ke goge komai ya bar bayanin launi kaɗai:

```
+profile '!icc,*'
```

Na biyu, in launin yana nan amma yana malala a gefen zane, kamar atamfar da ta zuba a wanki. JPEG yana adana haske daban, launi daban, kuma saboda ido ya fi kula da haske, yakan adana launi ɗaya ga kowane ɗigo huɗu. ImageMagick yana yin haka da kansa in inganci ya gaza 90. A fuskar mutum ba za ka gani ba. A kan kente mai siraran zaren ja kusa da shuɗi kuwa, jan sai ya shiga gonar shuɗin. Don irin waɗannan kaya ina ƙara `-sampling-factor 4:4:4` kafin `-quality`, wanda ke hana haɗa launin. Nauyi zai ɗan ƙaru, amma ya fi a dawo maka da kaya daga Tamale.

Sai dai in faɗi gaskiya, yawancin rigimar launi ba daga ragewa take ba. Fitilar rumfa ce. Zane ɗaya a ƙarƙashin farin ƙwai da kuma a bakin ƙofa da hantsi launi biyu ne, kuma babu umarnin da ke gyara wannan. Kafin ka zargi sikirif, buɗe na asali da wanda aka rage a kan waya ɗaya ka jera su.

WhatsApp ai yana rage hoto da kansa. Me zan yi da wannan wahalar?

In ta WhatsApp kaɗai kake tura hoto, kuma a matsayin hoto, gaskiya ba ka da buƙata sosai. Yana ragewa a wayarka kafin ya tura. Inda rubutun ke da amfani shi ne wuraren da ke ɗaukar fayil yadda yake: Google Drive, imel, shafin kantin intanet, ko WhatsApp ɗin kansa in ka tura a matsayin takarda don kada ya taɓa hoton. Gmail, misali, ba ya karɓar abin da ya wuce megabait 25 a maƙale da wasiƙa ɗaya. Hotunan Goggo shida ne za su shiga a yadda suke, amma bayan ragewa sittin ɗin sun shiga wasiƙa guda.

Akwai kuma maganar iko. In kai ka rage, kai ka zaɓi girma da inganci, ka kuma duba kafin ya tafi.

Na ga wasu suna amfani da `mogrify`, layi ɗaya tak. Bai fi sauƙi ba?

Ya fi gajarta, ya kuma fi haɗari. `mogrify` yana rubuta sabon hoton a kan tsohon, ba ya tambaya, ba kuma ya ajiye kwafi. Wani mai ɗaukar hoton biki a unguwarmu ya sake shi a kan hotunan bikin suna gaba ɗaya don ya tura wa dangin da ke waje. Bayan kwana biyu uban jariri ya zo yana son a wanke masa babba na rataye a falo, ashe na asalin sun tafi. Ɗigon da aka zubar ba sa dawowa. In dole sai ka yi amfani da shi, ka buɗe folda tukuna ka nuna masa ita:

```
mkdir -p kanana
magick mogrify -path kanana -auto-orient -resize '1600x1600>' -strip -quality 80 *.jpg
```

Wannan `-path kanana` shi ne katangar da ke tsakaninka da asara. Ni dai na fi son zagayen, domin ko hannuna ya zame ba shi da hanyar taɓa na asali.

Za a iya wanke hoton da aka rage?

Ƙarami, e. Masu wanke hoto suna son kusan ɗigo 300 a kowane inci. Hoto mai 1600 da 1200 zai ba ka inci 5 da ɗoriya a kwance, inci 4 a tsaye. Ya wuce haka, sai ya fara laushi. Don kalanda, allon shago ko hoton bango, kai musu na asali a kan filashi.

Wani shafi ya ce hoton kada ya wuce kilobait 200. Yaya zan sa ya tsaya daidai?

Masu cike takardun makaranta da neman aiki su suka fi kawo mini wannan. Maimakon ka yi ta gwada lambar inganci, ka faɗa wa ImageMagick iyakar, shi ya nemo lambar:

```
magick hoto.jpg -auto-orient -resize '1200x1200>' -strip -define jpeg:extent=190kb karami.jpg
```

Yana gwada matsewa sau da yawa har ya sami mafi kyawun da bai wuce iyakar ba, shi ya sa ya fi jinkiri. Na sa 190 da gangan, domin wasu shafukan suna ƙirga kilobait da 1000, wasu da 1024, kuma ba na son a ƙi karɓar takarda saboda 'yar tazara. Kada ka cire rage girman ka bar iyakar kaɗai. In ka ce hoto mai ɗigo miliyan 12 ya shiga kilobait 190, zai shiga, amma sunan da ke kan takardar ba zai karantu ba.

In na rage hoton da aka riga aka rage fa?

Kowace matsewa tana zubar da wani abu, kuma asarar taruwa take yi, kamar kwafin takardar da aka yi daga kwafi. Hoton da ya bi ta WhatsApp sau uku ya riga ya gaji, nauyinsa ma kaɗan ne, ka bar shi. In kana shakka, wannan zai nuna maka suna, girma, da ƙiyasin ingancin kowanne:

```
magick identify -format '%f %wx%h %Q\n' *.jpg
```

Wanda ka ga faɗinsa bai kai 1600 ba, ingancinsa kuma yana ƙasa da 80, ba shi da abin da zai bayar. In kana son canza lamba ka sake gwadawa, goge foldar `kanana` ka fara daga na asali.

Sikirinshot na rasit da na kuɗin waya ba su ragu ba.

Da gangan ne. Yawancinsu PNG ne, rubutun kuma `.jpg` da `.jpeg` kawai yake nema. JPEG ba ya ƙaunar baƙin rubutu a kan farin fili, yana sa masa inuwa a gefe, lambar ciniki ta rikice. Galibi ma ba su da nauyi. A bar su.

Hotunan iPhone ba su shiga ba sam.

Duba ƙarshen sunansu. Tun 2017 iPhone ke ajiye hoto a tsarin HEIC, ba JPEG ba. Ba kowane ImageMagick ke iya buɗe shi ba, kuma wannan zai gaya maka ko naka na iyawa:

```
magick -list format | grep -i heic
```

In ya fito da layi, ka ƙara `*.heic` a jerin, sai dai dole ka gyara sunan da ake ajiyewa ya ƙare da `.jpg`, in ba haka ba HEIC zai sake fitarwa. Ga wanda ba ya son wannan dogon zance, akwai gajeriyar hanya: a iPhone ɗin ka shiga Settings, sai Camera, sai Formats, ka zaɓi Most Compatible. Daga ranar JPEG zai riƙa ɗauka.

Aikin ya tsaya a tsakiya. In sake daga farko?

Ba sai ka sake ba. Android yakan dakatar da manhajar da ke aiki a baya in allo ya mutu, don tattalin batir. Ka rubuta `termux-wake-lock` kafin ka fara, ka kuma bar Termux a buɗe. In ya riga ya tsaya, sake kiran rubutun zai tsallake waɗanda aka gama ya ci gaba.

Amma akwai tarko ɗaya a nan. Hoton da ake cikin rubutawa lokacin da aikin ya yanke zai iya zama rabi: samansa lafiya, ƙasansa toka-toka, ko nauyinsa sifiri. Shi rubutun suna kawai yake dubawa, ya ga sunan yana nan, sai ya tsallake shi. Saboda haka kafin ka ci gaba, ka rubuta `ls -lt kanana | head`, wanda ke jera na baya-bayan nan a sama. Goge na farko a jerin, sannan ka sake kira. Hoto ɗaya ne, daƙiƙa kaɗan zai ci.

Na gama, amma ban ga waɗanda aka rage a cikin hotunan wayar ba.

Suna nan, manhajar hotuna ce ba ta lura da su ba tukuna. Ka shiga ta manhajar fayil, ka buɗe `Kaya`, sai `kanana`, ka ɗora daga can. Hakan ma ya fi, domin a manhajar hotuna na asali da wanda aka rage kamarsu ɗaya, sunansu ɗaya. Ranar farko da na bar Goggo ta ɗora da kanta, ta zaɓi manyan, ta zauna rabin awa tana jira, ta kira ni ta ce aikina bai yi ba. Yanzu na nuna mata ta dubi lambar da ke ƙarƙashin sunan kafin ta danna: in ta ga KB ta ɗora, in ta ga MB ta koma baya ta shiga ɗayar foldar.